Gwajin hasashe daga hoton jadawali: yadda lambobi shida ke kai mutum ga hukunci

Sau da yawa abin da ke zuwa hannun mai nazarin ƙididdiga hoto ne kawai. Wani ya ɗauki shafin littafi da waya, ko allon aji, ko babi na huɗu na furojet ɗin ɗalibi, ya turo, a ƙasa ya rubuta cewa a gwada a gani ko akwai bambanci. Babu ainihin alƙaluman da aka tattara ɗaya bayan ɗaya, sai taƙaitaccen jadawali mai layi biyu. Ana iya yin gwajin da wannan kaɗai, muddin jadawalin ya ƙunshi abu uku ga kowane rukuni: yawan abubuwan da aka auna, matsakaicinsu, da ma'aunin warwatsuwarsu. Lissafin kansa bai wuce minti biyar da kalkuleta ba. Inda ake faɗuwa shi ne kafin lissafin, wajen karanta hoton da tsara hasashen, da kuma bayansa, wajen faɗin abin da sakamakon yake nufi.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na koyarwa ne, an tsara su ne don wannan bayani. A ce an gwada irin masara biyu a damina ɗaya, sabon iri a gonaki 15, tsohon iri a gonaki 12, aka auna amfanin da buhu mai kilo 100 a kowace hekta. Ga abin da hoton ya nuna:

```
              N     Mean    Std. Deviation
Sabon iri     15    24.6    3.8
Tsohon iri    12    21.1    4.4
```

`N` shi ne yawan gonaki. `Mean` shi ne matsakaici, wato a tara amfanin gonakin a raba da yawansu. `Std. Deviation`, wanda wasu jadawalai ke taƙaitawa da `SD` ko ƙaramin `s`, yana nuna nisan da gonaki suka saba yi daga matsakaicin rukuninsu. A sabon iri matsakaicin buhu 24.6 ne, amma ba abin mamaki ba ne a samu gona mai buhu 21 da wata mai 28. Tazarar da ke tsakanin matsakaitan biyu buhu 3.5 ce. Tambayar gwajin ita ce ko wannan tazara ta fi ƙarfin abin da sauyin gona zuwa gona zai iya haifarwa shi kaɗai.

Kwafe hoton kafin a taɓa kalkuleta

A fara da sake rubuta lambobin shida a takarda, sannan a gwada su da hoton sau biyu. Wannan kamar ɓata lokaci ne, sai an ga abin da lamba ɗaya ke yi. A rubutun hannu da hoton da ya ɗan dushe, 1 da 7 suna kama da juna, haka 3 da 8. Idan aka karanta 21.1 a matsayin 21.7, tazarar ta sauko daga 3.5 zuwa 2.9, kuma za mu gani a gaba cewa wannan kaɗai ya isa ya juya hukuncin. Ɗigon da ke raba lamba yakan ɓace idan haske ya faɗi a kansa, 3.8 ta koma 38. Hoton da aka ɗauka a karkace kuma yakan sa lambar layin sama ta zama kamar ta layin ƙasa. Maganin duka shi ne a tambayi kai ko lambar ta yi ma'ana. Warwatsuwar buhu 38 a inda matsakaici bai kai 25 ba, a amfanin gona wanda ba ya sauka ƙasa da sifili, abin tuhuma ne nan take.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne kan jadawalin, wato layin da ke ɗauke da sunayen ginshiƙai. Mai ɗaukar hoto yakan yanke shi don ya matso da lambobin. To ginshiƙi na uku yana iya zama ɗayan abubuwa uku: `SD`, ko `Variance` wanda shi ne `SD` da aka ninka da kansa, ko `Std. Error Mean` wanda ake taƙaitawa da `SE`, wato `SD` da aka raba da tushen yawan samfur. Lambobin 3.8 da 4.4 ɗin nan, idan `SD` ne, ƙimar gwajin za ta fito 2.18. Idan `Variance` ne, za ta fito 4.45. Idan `SE` ne, 0.60. Hoto ɗaya, amsa uku: ɗaya a bakin iyaka, ɗaya hujja mai ƙarfi, ɗaya ba komai. A takardun bincike ma akan rubuta 24.6 ± 3.8 a bar bayanin abin da ke bayan alamar ± a ƙaramin rubutu ƙarƙashin jadawalin, daidai inda hoto ya fi yankewa. Idan kan jadawalin ko wannan ƙaramin rubutu bai fito ba, a nemi a sake ɗauka. Ba abin da za a yi cinta a kansa ba ne.

Idan jadawalin daga manhajar SPSS ya fito, wanda take sa wa suna `Group Statistics`, yana zuwa da ginshiƙan biyu tare, kuma wannan dama ce ta tantance karatunka. Raba 3.8 da √15, za ka samu 0.981. Raba 4.4 da √12, za ka samu 1.270. Idan abin da ke ginshiƙin `Std. Error Mean` ya yi daidai da waɗannan, to `N` da `SD` duka ka karanta su daidai. Idan bai yi ba, akwai lambar da idonka ya ci.

Saura tambaya ɗaya da hoton ba zai amsa ba sai an tambayi mai shi: rukunan biyu gonaki ne daban-daban, ko gonaki ɗaya ne aka raba kowace biyu, rabi sabon iri rabi tsoho? Idan na biyun ne, ma'aunan a haɗe suke bibbiyu, gwajinsu daban ne, kuma yana buƙatar warwatsuwar bambancin da ke cikin kowace gona, abin da irin wannan jadawali ba ya ɗauke da shi. Haka abin yake ga duk jadawalin da ke da "kafin" da "bayan" a kan mutane ɗaya. A misalinmu 15 da 12 ba su zo ɗaya ba, wannan alama ce cewa rukunan a rabe suke, to sai mu ci gaba a kan haka.

Hasashen biyu

Kowane gwaji yana tsayawa a kan magana biyu masu karo da juna. Ta farko, wadda ake rubutawa `H0`, ita ce hasashen babu bambanci. Ta biyu, `H1`, ita ce kishiyarta. Da alamomi:

```
H0: μ1 = μ2
H1: μ1 ≠ μ2
```

Da baki kuma: `H0` na cewa matsakaicin amfanin sabon iri da na tsohon iri ɗaya ne a dukkan gonakin yankin masu irin wannan yanayi. `H1` na cewa ba ɗaya ba ne.

A lura da kalmar "dukkan". Alamar μ tana nufin matsakaicin gaskiya na dukkan gonakin da ake magana a kansu, wanda ba wanda ya auna. Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne rubuta hasashen a kan lambobin jadawali, kamar a ce `H0`: 24.6 = 21.1. Wannan ba ya buƙatar gwaji, yaron firamare ma ya san ba ɗaya ba ne. Gonaki 27 ɗin nan an riga an san abin da suka bayar. Abin da ba a sani ba shi ne ko abin da suka nuna ya shafi sauran gonakin da ba a je ba. Saboda haka lambobin jadawali ba sa shiga cikin hasashe ko kaɗan, aikinsu shaida ne.

Dalilin da ya sa ake ɗora gwajin a kan `H0` shi ne ita kaɗai ce ke ba da lamba takamaimiya da za a yi lissafi da ita. "Babu bambanci" na nufin tazarar gaskiya sifili ce, kuma daga nan ana iya lissafa irin tazarar da dace kawai zai riƙa kawowa. "Akwai bambanci" kuwa yana iya zama buhu ɗaya, yana iya zama goma, ba a san da wanne za a yi aiki ba.

Sai batun gefe. `H1` da muka rubuta mai gefe biyu ce, ta yarda sabon irin yana iya fin tsohon, yana kuma iya kasa shi. Akwai mai gefe ɗaya, `H1: μ1 > μ2`, wadda ke cewa sabon ya fi. Kalmomin tambayar ne ke zaɓa: in an ce "shin akwai bambanci", gefe biyu ne, in an ce "shin sabon iri ya fi", gefe ɗaya. Sharaɗin shi ne a yanke wannan kafin a dubi lambobin. Matsalar aiki da hoto ke nan, domin ido ya riga ya ga 24.6 ta fi 21.1 kafin alƙalami ya rubuta komai, sai zuciya ta raya wa mutum ai dama sabon ake sa ran zai fi. Wanda ya zaɓi gefe bayan ya ga inda lambobin suka karkata ya ninka haɗarin kuskurensa ba tare da ya sani ba: yana rubuta kashi 5 cikin 100 alhali da kashi 10 yake aiki. In tambayar ba ta fayyace gefe ba, a tsaya a kan biyu. A harkar iri ma hakan ya fi dacewa, don in sabon irin ya kasa tsohon, labari ne da manomi ke buƙatar ji.

Abu na ƙarshe da ake yankewa kafin lissafi shi ne α, mizanin haɗarin da aka yarda a ɗauka na cewa akwai bambanci alhali babu. An saba da 0.05. Al'ada ce da ta kafu tun rubuce-rubucen Ronald Fisher a shekarun 1920, ba wata iyaka ce da halitta ta shata ba. In takardar tambaya ta ce 0.01, da shi za a yi.

Lissafin

Tunanin da ke ƙarƙashinsa mai sauƙi ne. A ɗauki tazarar da aka gani, a raba ta da gwargwadon rawar da irin wannan tazara ke yi daga samfur zuwa samfur. Da za a sake zaɓen wasu gonaki 15 da wasu 12, tazarar ba za ta sake fitowa 3.5 cif ba. Ma'aunin wannan rawa shi ne `SE` na tazarar.

```
SE = √(s1²/n1 + s2²/n2)
t  = (x̄1 − x̄2) / SE
```

A nan `s` shi ne `SD`, `n` yawan gonaki, `x̄` matsakaici, 1 sabon iri ne, 2 kuma tsohon iri. A ninka 3.8 da kanta, 14.44, a raba da 15, an samu 0.963. A ninka 4.4 da kanta, 19.36, a raba da 12, an samu 1.613. Jimillarsu 2.576, tushenta 1.605. Ma'ana, tazarar matsakaitan irin waɗannan rukunai tana rawa da kimanin buhu 1.6 ko da ba abin da ya canja sai gonakin da aka zaɓa. Sai a raba 3.5 da 1.605, `t` ta fito 2.18. Tazarar da muka gani ta ninka rawar da aka saba sau biyu da ɗan ɗoriya.

Kurakurai biyu ke yawan faruwa a nan, mantawa da ninka `SD` da kansa, da mantawa da ɗaukar tushe a ƙarshe. Wanda ya manta tushe zai raba 3.5 da 2.576 ya samu 1.36. Kada kuma a yi saurin datse lambobi a tsakiyar hanya, a bar gurbi uku bayan ɗigo har sai an kai ƙarshe.

Wannan `t` ana gwada ta ne da wata lambar iyaka da ake dubawa a jadawali, in ta wuce ta a yi watsi da `H0`. Me ya sa `t` ba `z` ba, wato gwajin da ake yi idan an san ainihin warwatsuwar dukkan gonakin? Domin warwatsuwar da ke jadawalin daga samfur aka ciro ta, ita ma ƙiyasi ce, kuma ƙiyasin da aka yi da gonaki 12 ba abin dogaro ba ne sosai. Rarrabawar `t` tana ƙara faɗin iyaka don ta biya wannan rashin tabbas. William Gosset ne ya fitar da ita a 1908, ƙarƙashin sunan aro na Student, lokacin yana aiki a kamfanin Guinness a Dublin, inda ƙananan samfura ne abin da yake samu. Wanda ya ɗauko 1.96 na jadawalin `z` ya yi aiki da shi a kan gonaki 27 ya sassauta wa kansa iyakar fiye da yadda ya kamata.

Faɗin iyakar ya dogara da lambar da ake rubutawa `df`, wadda ke nuna yawan bayanan da ƙiyasin warwatsuwar ya tsaya a kai. A nan ne littattafai suka rabu gida uku, kuma misalinmu ya nuna rabuwar ba ta banza ba ce.

Hanyar farko ita ce ta Welch, wadda B. L. Welch ya bayyana a 1947, ita ce ta dace da `SE` ɗin da muka lissafa, kuma ba ta ɗauka cewa warwatsuwar rukunan biyu ɗaya ce ba:

```
df = (0.963 + 1.613)² / (0.963²/14 + 1.613²/11) ≈ 21.9
```

Lambobin 14 da 11 su ne yawan kowane rukuni a cire ɗaya. Da jadawalin `t` na takarda ana saukowa zuwa 21. A layin 21, gefe biyu, 0.05, iyakar ita ce 2.080. Tunda 2.18 ta wuce 2.080, an yi watsi da `H0`.

Hanya ta biyu ita ce ta gwama warwatsuwar rukunan biyu wuri guda, bisa zaton asalinsu ɗaya ne. A nan `df` ita ce 15 + 12 − 2, wato 25, `SE` ta zama 1.578, `t` ta zama 2.22, iyaka 2.060. Hukunci ɗaya ne. Yawancin manhajojin karatu da ita suke farawa, kuma ba ta da laifi idan warwatsuwar ta yi kusa kamar 3.8 da 4.4. Tana ɓaci ne idan ƙaramin rukuni shi ne mai babbar warwatsuwa da nisa, a nan takan nuna bambanci inda babu. Shi ya sa in ba a umarce ka da wata ba, ta Welch ta fi aminci.

Hanya ta uku gajeriyar hanya ce da wasu littattafai ke koyarwa don gudun dogon lissafi: a ɗauki ƙaramin rukuni a cire ɗaya, `df` ta zama 11. Iyakar layin 11 ita ce 2.201, kuma 2.18 ba ta kai ta ba. Da wannan hanya ba a yi watsi da `H0` ba. Ɗalibai biyu za su iya aiki da hoto ɗaya, ba wanda ya yi kuskuren lissafi, su fito da hukunci mabambanta. Gajeriyar hanyar da gangan take tsaurara iyaka, to a irin wannan yanayi amsar Welch ce ta fi kusa da daidai. Amma abin da rabuwar ke faɗa mana shi ne shaidar tana bakin gaɓa, kuma duk wanda zai rubuta sakamakon dole ya faɗi hanyar da ya bi.

Mai kwamfuta yana iya samun iyakar da ƙimar `p`, wato yiwuwar ganin tazara mai girman haka da a ce babu bambanci, a Excel kai tsaye:

```
=T.INV.2T(0.05,21)
=T.DIST.2T(2.18,21)
```

Ta farko za ta ba da 2.080 in an taƙaita, ta biyu kimanin 0.04. `T.TEST` ba za ta yi aiki a nan ba, domin ita ainihin alƙaluman gona-gona take nema, mu kuwa taƙaitawa kawai muke da ita.

Wani lokaci hoton yakan haɗa da jadawali na biyu na SPSS, `Independent Samples Test`, inda an riga an yi lissafin. A nan tarkon shi ne ginshiƙan `Sig.` guda biyu. Na farko, na ƙarƙashin `Levene's Test`, yana gwada ko warwatsuwar rukunan ɗaya ce, ba ruwansa da matsakaici. Wanda ake nema shi ne `Sig. (2-tailed)`, ko `Two-Sided p` a sababbin fitowar manhajar, shi ne ƙimar `p` ta bambancin matsakaitan. Layin `Equal variances assumed` shi ne hanya ta biyu, `Equal variances not assumed` shi ne Welch. In kuma aka ga .000, ba sifili ba ne, lambar ce ta yi ƙanƙanta har gurbi uku suka kasa nuna ta, sai a rubuta `p < 0.001`.

Faɗin sakamakon da harshen mutane

"An yi watsi da `H0`" hukunci ne na fasaha, ba wanda zai sayi iri da shi. Ga yadda za a faɗa wa jami'in gona ko shugaban ƙungiyar manoma: "A gonakin da aka gwada, sabon iri ya fi tsohon da kimanin buhu uku da rabi a hekta. Da a ce irin biyu ɗaya suke a gaskiya, da wuya a ga tazara mai girman haka, kamar sau 4 ne cikin 100. Don haka akwai hujjar cewa sun bambanta, kuma sabon ne a sama, sai dai hujjar ba mai ƙarfi ba ce sosai."

Jimlar tsakiya ita ce fassarar `p`, kuma tsarinta yana da muhimmanci. Tana farawa da "da a ce babu bambanci", sannan ta faɗi yadda irin wannan sakamako zai yi wuyar samuwa. Ba ta ce yiwuwar `H0` ta zama gaskiya kashi 4 ce ba, ba ta kuma ce muna da tabbacin kashi 96 cewa sabon iri ya fi ba. Maganganun suna kama a kunne, amma tambaya biyu ce daban. Yawan masu zazzaɓi a cikin masu maleriya daban yake da yawan masu maleriya a cikin masu zazzaɓi. Gwajin yana amsa "idan babu bambanci, yaya wannan sakamako yake", bai amsa "tunda ga wannan sakamako, yaya gaskiyar take" ba.

Abin da ya fi `p` amfani ga mai yanke shawara shi ne tazarar amincewa, wato iyakar ƙasa da ta sama da ake sa ran bambancin gaskiya yana tsakaninsu, kuma da lambobin da ke hannu ake samunta. A ninka iyakar da `SE`, 2.080 sau 1.605, an samu 3.34. A cire ta daga 3.5, a kuma ƙara ta: daga 0.16 zuwa 6.84. Wato alƙaluman sun dace da fifikon da ya kai kusan buhu bakwai a hekta, sun kuma dace da fifikon kilo 16 kacal, abin da bai kai kuɗin motar zuwa sayen irin ba. Sifili ba ya ciki, shi ya sa aka yi watsi da `H0`, amma da ƙyar ya tsaya a waje. Manomin da zai biya ƙarin kuɗi don sabon iri, kuma sai ya samu ƙarin buhu biyu kafin ya mayar da kuɗinsa, wannan gwaji bai ba shi tabbacin hakan ba, ko da yake ƙiyasin tsakiya yana gefensa. Kalmar `significant` da ake gani a takardun bincike, wadda ake fassarawa da "bambanci mai muhimmanci", tana ruɗar mutane a nan. Abin da take nufi a ƙididdiga shi ne bambancin da dace kaɗai zai yi wuya ya kawo. Ko yana da girman da zai amfani wani, wannan sai an koma ga buhuna da farashi.

Yanzu mu koma ga kuskuren karatun nan. Da 21.7 ce a hoton, tazarar 2.9 ce, `t` ta zama 1.81, ba ta kai 2.080 ba, sai a ce ba a yi watsi da `H0` ba. Yawancin mutane a nan sukan rubuta "babu bambanci tsakanin irin biyu", kuma wannan ya wuce abin da aka gano. Tazarar amincewa a wannan hali daga −0.44 take zuwa 6.24. Sifili na ciki, gaskiya ne, amma buhu shida ma na ciki. Maganar da ta dace ita ce: "Gonakin da aka gwada ba su ba da isasshiyar hujjar cewa irin biyu sun bambanta ba. Sabon ya ɗan fi a samfurin, amma gonakin sun yi kaɗan a iya rarrabewa." Shi ya sa malamai ke jan layi a ƙarƙashin "an karɓi `H0`". Ga kuma inda jarabar sauya gefe take: iyakar gefe ɗaya a layin 21 ita ce 1.721, kuma 1.81 ta wuce ta. Wanda ya ga ya faɗi a gefe biyu ya koma ya gyara `H1` zuwa gefe ɗaya zai samu sakamakon da yake so, amma ba gwaji ya yi ba.

Akwai kuma abubuwan da lambobi shida ba za su taɓa nunawa ba, kuma ya kamata a ambace su a jimla ɗaya ko biyu a ƙarshen amsa. Gwajin `t` ya ɗauka cewa amfanin gonakin bai karkace sosai gefe guda ba, kuma babu wata gona ɗaya da ta yi fintinkau. A rukuni mai gona 12, gona guda da ambaliya ta cinye ta ba da buhu 9 za ta ja matsakaicin ƙasa da kusan buhu ɗaya, ta kuma kumbura warwatsuwar, kuma jadawalin ba zai nuna alamar ta faru ba. Haka in gonaki biyar cikin 15 na mutum ɗaya ne a fili guda, to ba shaidu 15 masu zaman kansu ake da su ba, `SE` ɗin da muka lissafa ta yi ƙanƙanta.

Mafi nauyi shi ne yadda aka raba irin. In ƙuri'a aka jefa wajen zaɓen gonar da za ta samu wane iri, ana iya cewa irin ne ya kawo bambancin. In kuwa manoma ne suka zaɓa da kansu, to masu karɓar sabon iri galibi su ne masu halin sayen taki da biyan 'yan ƙwadago su yi noma a kan kari, kuma buhu uku da rabin nan yana iya zama na takin. A wannan hali jimlar ƙarshe sai ta sauya daga "sabon iri ya ƙara amfani" zuwa "gonakin da suka shuka sabon iri sun fi samun amfani", ƙimar `t` kuwa tana nan 2.18 a duka biyun.